Sanarwar buɗe shagon ɗinki da Faransanci: yadda wata tela a Maradi ta rubuta tata

A garuruwan kudancin Nijar ciniki da Hausa ake yin sa, amma in aka zo rubutu sai hannu ya koma Faransanci. Dalilin a fili yake. Tun samun 'yancin kai a 1960 Faransanci ne harshen makaranta da ofis, kuma wanda ya iya karatun boko a Maradi ko Damagaram yawanci da shi ya fara haɗa baƙi. A watan Maris na 2025 sabon kundin da gwamnati ta fitar ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, sai dai al'adar hannu ba ta sauyawa dare ɗaya. Har yanzu allon shago da takardar gayyatar biki da sanarwar da ake sawa a Facebook sun fi fitowa da Faransanci.

Lamarin da zan bi a nan na wata ƙanwata ce ta wajen dangi, wadda ta yi shekara huɗu tana koyon ɗinki a hannun uwar ɗakinta, sannan ta kama ɗan shago a unguwar Ali Ɗan Sofo. Kekenta biyu ne, na lantarki ɗaya da na ƙafa ɗaya saboda ranar da wuta ta ɗauke, kuma tana da yarinya ɗaya mai koyo. Ba ta da keken surfani. Ta tsara buɗewa bayan Ƙaramar Salla, da nufin ta samu masu kawo mata kaya kafin hayaniyar Babbar Salla ta taso. Waɗanda ta fi sa wa ido su ne malaman makaranta mata, ma'aikatan asibiti da na ofisoshi, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Waɗannan duk Faransanci suke karantawa a waya, kuma su ne masu ɗinki a kai a kai ba sai Salla ba. Saboda haka zaɓin harshen bai zama abin gardama ba. Abin da ya ci lokaci shi ne abin da sanarwar za ta ce.

Ga abin da ta fara rubutawa, yadda ta turo mini shi:

```
GRANDE OUVERTURE !!! Salut la famille, votre sœur ouvre enfin
son atelier. Tous modèles hommes femmes enfants, livraison en 24h,
-50% pour tout le monde. Viens vite, tu ne sera pas déçu !
Infos en inbox
```

Ma'anarsa a taƙaice: babban buɗewa, gaisuwa ga dangi, 'yar'uwarku ta buɗe shago, kowane irin ɗinki na maza da mata da yara, a karɓa cikin awa 24, rabin kuɗi ga kowa, ka zo da sauri ba za ka yi da-na-sani ba, ƙarin bayani a turo saƙo.

Farin cikinta na nan a cikin rubutun, kuma ban so a kashe shi ba. Amma kowace jimla ta sakin fuska a irin wannan sanarwa alkawari ce, kuma shagon ne zai biya ta. Don haka muka ɗauki jimlolin ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar ko keke biyu da hannu huɗu za su iya sauke abin da aka ɗauka.

Muka fara da awa 24. Na tambaye ta riga da zane nawa take gamawa a yini in komai ya tafi daidai. Ta ce biyu, in ɗinkin ba mai ado ba ne. Kwana shida na aiki ke nan goma sha biyu a takarda. Sai muka cire ranakun da wuta ke ɗaukewa a koma keken ƙafa, muka cire lokacin awo da hira da mai kaya, da zuwa kasuwa sayen zare da zif, da gyaran abin da aka gwada bai zauna ba. Abin da ya rage bai wuce takwas ko tara a mako ba. In mata goma suka kawo atamfa ranar buɗewa, ta ƙarshensu sai ta jira fiye da mako. Wadda aka ce wa gobe ta dawo, ta zo ta tarar ba a ko yanka kayanta ba, ba za ta tuna da fara'ar sanarwar ba, kuma a Maradi labarin telan da ya saɓa alkawari ya fi kowace sanarwa saurin yawo. Muka mayar da wa'adin mako guda.

Sai rabin kuɗi. Kuɗin ɗinkin riga da zane marar ado a wajenta jika biyar ne, wato sefa 5,000. Zare da zif da shafi da abin ƙarfafa wuya suna cin kusan 1,500. In aka raba hayar shago da kuɗin wuta da ɗan abin da take ba yarinyarta a kan kayan da ake ɗinkawa, kowane ɗinki na ɗaukar kusan 1,000. Abin da ya rage mata 2,500 ne. Rage rabin kuɗi na nufin ta karɓi 2,500 ta kashe 2,500, ta yi aikin banza, kuma ga kowa da kowa, ba tare da ranar ƙarewa ba. Da ta ga lissafin sai ta ce, "Yaya, to ai in ban rage ba ba wanda zai zo." Na ce ta rage, amma ragin da ta san iyakarsa tun kafin ta furta. Muka tsaya a kan kashi 20 cikin ɗari ga mata goma na farko. Kowace za ta biya 4,000, abin da shagon zai yafe gaba ɗaya jika goma ne, kuma wannan kuɗi ne da za ta iya ɗauka a matsayin kuɗin talla. Akwai wata illa kuma da ba a cika gani ba: wadda ta fara ɗinki a 2,500 za ta ga 5,000 kamar an tsauwala mata daga baya, alhali shi ne ainihin farashin.

Maganar "kowane irin ɗinki" ta fi sauƙin yankewa. Ba ta taɓa ɗinka babbar riga ko kaftanin maza ba, kuma yawancin maza a garin wajen teloli maza suke zuwa. Muka bar abin da hannunta ya gwanance a kai: kayan mata da na 'yan mata ƙanana, riga da zane, doguwar riga, bubu, da gyaran kaya.

Daga nan muka shiga harshen kansa, inda kuskuren ya fi tsada fiye da yadda ake zato. Faransanci na da hanya biyu ta yi wa mutum magana. `tu` na tsara ne da ƙani da aboki na kusa, `vous` kuma na girmamawa ne da na jama'a, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku". Rubutun farko ya fara da `votre`, ya ƙare da `tu`. Matasa da yawa na ganin `tu` shi ne alamar sakin jiki, domin haka manyan kamfanoni ke yi a tallan da suke yi wa samari. Amma wa zai karanta wannan sanarwa? Shugabar makarantar da ta girmi mahaifiyarta, ƙawayen uwar ɗakinta, surukar yayarta. Yarinyar da ba za ta kira sunan waɗannan mata a baki ba, bai dace ta ce musu `tu` a rubuce ba. A ganina, a irin wannan sanarwa a Nijar `vous` ne daidai daga farko har ƙarshe, kuma bai rage zumunci ko kaɗan. Zumuncin na zuwa ne daga wani wuri: ta yi magana da bakinta, ta ce `je` maimakon `nous` na kamfani, ta gode wa waɗanda suka riƙe ta, ta gayyaci mutane ko ba su zo da aiki ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ana iya yin ta cikin ladabi.

Sauran gyaran nahawu ƙanana ne amma masu karatun da ta nufa za su gan su nan take. `tu ne sera` ya rasa harafin ƙarshe, `seras` ya kamata. `déçu` siffar namiji ce alhali mata ake kira. Tela mai sayar da tsaftar aiki, in layinta na farko ya karkace, malamar makaranta za ta yi tunanin yadda ɗinkin zai kasance. Muka cire manyan baƙaƙe da alamun motsin rai uku a jere, domin a waya suna kama da ihu.

Abu na ƙarshe da muka cire shi ne `Infos en inbox`. Wannan ɗabi'a ta yaɗu ƙwarai tsakanin masu sayar da kaya a waya, suna ganin ɓoye farashi na jawo hira. Ga shagon ɗinki hasara ce. Matar da ba ta san inda shagon yake ba, ba ta san kuɗin ba, sau da yawa kunya ko kasala za ta hana ta tambaya, ta wuce abinta. Wadda ta tambaya kuma, telar ce za ta ajiye almakashi ta amsa mata, tambaya ɗaya sau ashirin.

Ga abin da ya fita a ƙarshe. Na rufe rana da kwatance da lambar waya:

```
Bonjour à toutes ! Mon atelier de couture ouvre ses portes
le samedi [date] à 9 h, au quartier Ali Dan Sofo, à Maradi.

Après quatre ans d'apprentissage, je suis heureuse de vous
accueillir dans mon propre atelier. Merci à ma patronne et à
toutes celles qui m'ont déjà confié leurs pagnes.

Sur mesure pour femmes et fillettes : ensembles, robes,
boubous, retouches.
Ensemble simple à partir de 5 000 F. Délai : une semaine.
20 % de réduction pour les dix premières clientes.

Adresse : [repère]
WhatsApp : +227 [numéro]

Passez me dire bonjour, même sans tissu.
Un bissap bien frais vous attend !
```

Da Hausa: tana gaida mata duka, tana sanar da ranar Asabar da ƙarfe tara da unguwa. Bayan shekara huɗu na koyo tana farin cikin karɓarsu a shagon kanta, tana gode wa uwar ɗakinta da duk waɗanda suka taɓa ba ta amanar zannuwansu. Sai jerin abin da take ɗinkawa, farashin farawa, wa'adi, da ragi. Ta rufe da cewa a biyo a gaisa ko ba a zo da yadi ba, zoɓo mai sanyi na jira.

Tsarin jimlolin ba haka kawai ya zo ba. Facebook na yanke dogon rubutu bayan layukan farko, ya bar `Voir plus` ga mai son ci gaba, kuma mutane da yawa ba sa dannawa. Shi ya sa me, yaushe da ina suka shiga jimla ta biyu, godiya ta biyo baya. An rubuta ranar da lambarta da watanta, ba "wannan Asabar" kawai ba, domin sanarwa na ci gaba da yawo daga waya zuwa waya bayan mako ya wuce. Adireshi kuma kwatance ne irin wanda ɗan kabu-kabu zai gane, kusa da wane masallaci, daura da wane kantin magani, ƙofa mai wane launi, tunda ba da lambar gida ake neman wuri a unguwannin garin ba. An sa `+227` gaban lambobi takwas ɗin saboda dangi da ke Katsina da Kano, da 'yan'uwa da ke nesa masu aiko da kuɗin ɗinkin Salla ga iyayensu.

Godiya ga uwar ɗaki ita ce jimlar da na fi so, kuma tana aiki biyu. Ladabi ce, domin wadda ta koya maka sana'a ba a buɗe shago a bayan idonta. Shaida ce kuma, domin duk wadda ta san ɗinkin uwar ɗakin ta san daga inda wannan hannu ya fito. Kafin a saki sanarwar telar ta je da kanta ta karanta mata, ta nemi albarka. Uwar ɗakin ita ce ta fara ɗora ta a wayarta, kuma masu ganin wayarta su ne ainihin matan da ke kashe kuɗi a ɗinki.

An saki sanarwar kwana biyar kafin buɗewa a Facebook, aka kuma ɗora ta a `Statut` na WhatsApp. Tunda abin da aka ɗora a can awa 24 yake yi ya ɓace, sai ta riƙa sabunta shi kullum da hoto daban. Tare da rubutun ta naɗi muryarta da Hausa, ƙasa da minti ɗaya, ta tura rukunin dangi da na matan unguwa da na adashi. Wannan saƙon murya ba fassarar rubutun ba ne. Ta yi sallama, ta faɗi 'yar gidan wa ce, ta yi kwatance, ta roƙi addu'a. Mata da yawa masu sayen shadda mai tsada ba su yi boko ba, kuma sanarwar Faransanci kaɗai da ta tsallake su.

Hanyar gane ko sanarwa ta yi aikinta ita ce duba irin tambayoyin da ke dawowa, ba yawan masu yabo ba. A Facebook abin da ya cika ƙarƙashin rubutun shi ne `Félicitations` da fatan alheri, abin daɗi amma ba ciniki ba. Babu wadda ta tambayi inda shagon yake ko ranar buɗewa, alamar waɗannan sun fito fili. Yawancin matan da suka zo da atamfa a hannu ranar Asabar ta WhatsApp labarin ya kai musu, ko daga wayar uwar ɗakin ko daga saƙon murya. Wasu sun zo gaisuwa kawai kamar yadda aka gayyace su, suka sha zoɓo, suka juya ɗinkin da ke rataye suka duba cikinsa, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka dawo da kaya daga baya.

Matsaloli uku suka taso, kuma kowace daga sanarwar ta samo asali.

Ta farko daga hoto ta zo. Cikin hotunan da ta ɗora akwai bubun shadda mai surfani a wuya, wanda ta ɗinka tun tana wajen uwar ɗakinta, inda akwai keken surfani. Rubutun bai ambaci surfani ba, amma hoton ya yi alkawarinsa. Tambayar da ta fi yawa a saƙonni ita ce `Vous faites la broderie ?`, kuma mata biyu sun kawo shadda suna son irin wancan. Dole ta kai wa mai surfani a kasuwa, wanda ke da layinsa da kuɗinsa, sai mako guda ya zama kwana goma, ribar kuma ta ragu domin ta riga ta faɗi kuɗi kafin ta tambayi nasa. Tun daga nan hoton da ke fita shi ne na abin da aka fara aka gama a cikin shagon, in kuma akwai surfani sai a rubuta a ƙasa cewa kuɗinsa da wa'adinsa daban ne.

Ta biyu ita ce "mata goma na farko". Farko a me? Wasu sun turo saƙo tun ranar da sanarwar ta fita suna cewa a riƙe musu wuri, ba su zo ba sai bayan mako biyu, suna neman raginsu. A lokacin an riga an ba goman da suka kawo kaya. Telar ba ta so ta fara sana'a da ɓacin rai, sai ta ƙara wa mata huɗu, jika goman da aka tsara ya zama goma sha huɗu. Kalmomi kaɗan ne da sun hana wannan: `les dix premières clientes qui déposent leur tissu`, wato waɗanda suka ajiye yadinsu a shago.

Ta uku ta fi wuyar magana domin ta shafi dangi. Sanarwar ba ta ce komai a kan yadda ake biya ba. Wasu na kusa suka ɗauki gayyatar zumunci a matsayin izinin bashi, suka ajiye kaya suka ce in an gama a yi magana. Sabon shago da kuɗin yau yake sayen zaren gobe, don haka ɗinki uku na bashi sun isa su tsayar da aiki. Ta ce mini, "Yaya, ta yaya zan kalli Inna in ce ta ba ni kafin alƙalami?" Amsar ita ce kada ta bari sai an zo gabanta. In ƙa'ida na rubuce ga kowa, a sanarwa da kuma a takarda manne a bangon shago, ba wanda zai ji da shi ake. Wadda take so ta yi wa kyauta kuma sai ta yi mata kyautar a fili, ta san ta yi, maimakon bashin da ba a biya ba kuma ba a yafe ba.

Waɗannan uku ne suka shiga sanarwa ta biyu, wadda ta fita makonni kafin Babbar Salla, wadda a Faransancin yankin ake kira `Tabaski`. Muryar ba ta sauya ba, `vous` da gaisuwa da godiya ga waɗanda suka riga suka zo. Abin da aka ƙara layi uku ne:

```
Avance : la moitié à la commande.
Broderie sur demande, prix et délai à part.
Pour la Tabaski, dernier dépôt des tissus le [date].
```

Rabin kuɗi lokacin ajiye kaya, surfani ga mai so da kuɗinsa da wa'adinsa daban, da ranar rufe karɓar ɗinkin Salla. Ranar rufewar daga lissafin takwas a mako ta fito. Telar ta ƙirga makonnin da suka rage, ta cire na ƙarshe ta bar shi don gyare-gyare da ɗaukewar wuta, ta ninka sauran da takwas, ta rubuta lambobin a littafin awo. Kowane kaya da ya shigo yana cin lamba ɗaya, da sunan mai shi da abin da ta biya da ranar karɓa, kuma da lambobin suka ƙare kwana uku kafin ranar da aka sanar, ta ɗora gajeren saƙo tana ba da haƙuri cewa layin Salla ya cika, za ta ci gaba da karɓa bayan Salla.